Yadda malamin da ya yi ritaya zai rubuta wa tsohon ɗalibinsa wasiƙar neman shawarar sana'a

Wasiƙar farko da na rubuta irin wannan tawa ce, wata huɗu bayan na ajiye alli. Na cika shafi biyu da gaisuwa da labarin tsadar rayuwa, can ƙasa na ce ina neman shawara kan abin da zan kama. Bayan kwana uku sai ga saƙon banki, yaron ya turo min dubu ashirin, ya biyo da cewa "Malam, a sayi goro." Shawara kuwa ko ɗaya. Ban ga laifinsa ba, domin wasiƙar da na rubuta kamannin roƙo gare ta. Tun daga nan abokan aiki da suka biyo ni ritaya suke zuwa zaurena mu rubuta tasu tare, kuma abin da nake fara gaya wa kowa shi ne: tsohon ɗalibi yana ganin takarda daga malaminsa ɗan fansho zai ɗauka kuɗi ake nema. Duk gwanintar wannan rubutu ita ce ka kawar masa da wannan zato, sannan ka ba shi bayanin da zai isa ya ba ka amsa mai amfani.

Kayan da za ka tanada

Fallen takarda biyu, ɗaya ta gwaji ɗaya ta aikawa, da biro baƙi ko shuɗi, da ambulan. Kada ka yi da jan biro. Mu malamai hannunmu ya saba da shi, amma yaro yana ganin jan rubutu zai tuna ranar karɓar sakamako.

Sai littafin da za ka yi lissafin kuɗinka a ciki, da takardar da ke nuna abin da ya shigo maka na garatuti da abin da ke shigowa duk wata na fansho. Sai lambar wayar ɗalibin ko adireshin shagonsa, wanda ka tabbatar daga bakin wanda ya gan shi kwanan nan. Na ƙarshe ba a kasuwa ake sayensa ba: wani abu guda da ka tuna game da yaron lokacin yana ajinka.

Mataki na 1: Zaɓi wanda za ka rubuta wa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaɓi ɗalibin da ya fi kowa kuɗi ko muƙami. Darakta a Abuja bai san nawa ake sayar da tiyar gero a unguwarku ba, kuma shi ne ya fi saurin turo kuɗi ya rufe maganar. Wanda kake so shi ne wanda hannunsa ke cikin ƙaramar sana'a yau da gobe: mai awon hatsi a Dawanau, mai tebur a Kantin Kwari, mai shagon kayan masarufi da ke saro kaya a Singa, mai gidan kaji a bayan gari. Sau da yawa ma yaron da bai yi fice a aji ba ne, wanda ka sha kora saboda makara domin sai ya kai wa babansa kaya kasuwa kafin ya zo makaranta.

Ka duba abu biyu. Shin ya kai shekara biyar a sana'ar, ya ga riba ya ga faɗuwa? Kuma shin rabuwarku da shi lafiya aka yi? Idan ka san ka taɓa yi masa hukuncin da ya wuce kima, ko dai ka nemi wani, ko ka fara da ziyara kafin takarda.

In ɗalibar mace ce kuma tana gidan miji, ka sa gaisuwar maigidanta a wasiƙar, kuma ya fi kyau ta bi ta hannun iyalinka. Malama mai ritaya ita ba ta da wannan shinge, kai tsaye za ta rubuta.

Mataki na 2: Yi lissafi kafin ka ɗora biro a takarda

A nan zan daɗe, domin wasiƙar da ba ta da adadi ba ta da amsa. In ka ce wa ɗan kasuwa "ina da ɗan abin da ba a rasa ba," ba zai san ko injin markaɗe zai ce ka saya ko buhun gishiri ba.

Ka fara da sanin irin fanshon da kake kai. Masu tsohon tsari suna jiran garatuti a dunƙule da fansho duk wata daga jiha ko ƙaramar hukuma. Masu tsarin adashen fansho, wanda dokar 2004 ta kawo aka sabunta ta a 2014, ana ba su wani kaso a dunƙule daga asusunsu, sauran a riƙa biyansu wata-wata. Ko wanne kake kai, dokata ɗaya ce: kuɗin da bai shigo hannunka ba kada ya shiga wasiƙa. Na san malamin da ya rubuta adadin garatutin da yake jira, ɗalibinsa ya nemo masa shago har ya ba da kafin alƙalami daga aljihunsa, kuɗin ba su fito ba sai bayan shekara biyu. Zumuncin nan bai koma yadda yake ba.

Abin da ke hannunka kuma ka raba shi uku. Kashi na farko na cefane da magani na wata shida, a ɗauka fansho zai iya makalewa. Na biyu na hidimar da ka san tana tafe, kamar auren 'ya ko kuɗin makarantar auta ko gyaran rufin ɗaki kafin damina. Abin da ya rage shi ne jari, kuma shi kaɗai za ka ambata. Ka tambayi kanka: in wannan kuɗi ya narke gaba ɗaya, gidana zai ci abinci? In amsar a'a ce, rage shi.

Ga misalin wani abokina, tsohon hedimasta, wanda wasiƙarsa za ku gani a ƙasa. Naira miliyan 3 suka shigo masa. Ya ware dubu 900 na cefane da maganin hawan jini, ya ware miliyan 1 da dubu 300 na auren 'yarsa, saura dubu 800. Da farko ya so ya rubuta miliyan ukun duka, wai don yaron ya san ba da wasa ya zo ba. Na hana shi. Mai ba da shawara daidai adadin da ka faɗa masa yake yanka maka riga, in ka ce uku, sana'ar miliyan uku zai kawo.

Bayan kuɗi, rubuta sauran abin da ka mallaka, wanda mu kan manta dukiya ce: fili a bayan gida, shagon da ke jikin katanga, rijiya ko famfo, babur, ɗa ko jika da zai iya zama a shago. Sannan abin da jikinka ba zai ɗauka ba. Wanda ya bar aiki yana da shekara 60, balle wanda ya kai 65 a inda aka bi dokar 2022 da ta ƙara wa malamai shekarun aiki, ba zai yi sammakon kasuwar ƙauye sau uku a mako ba. Faɗin haka ba abin kunya ba ne, shi ne zai hana a ba ka shawarar da ta dace da ɗan shekara talatin.

Mataki na 3: Kan wasiƙa da gaisuwa

Wannan kai ka koyar da shi, ba sai na ja ba. Adireshinka da kwanan wata a sama ta hannun dama, sallama ta hagu. Ka ƙara lambar wayarka ƙarƙashin adireshi, domin da wuya amsar ta zo a rubuce.

Abin lura shi ne yadda za ka kira shi. Yaron da kake kira da sunan aji yanzu magidanci ne, wataƙila ya je Makka. Kiransa da sunan tsokana na makaranta raini ne, "ranka ya daɗe" kuma daga bakin malami zuwa ɗalibi ya yi nauyi, har yana ƙara warin roƙo. Tsaka-tsaki shi ne "Zuwa ga ɗana Alhaji wane" ko "ɗana Malam wane." Gaisuwa kada ta wuce layi uku: shi, iyali, mahaifa in suna raye, kasuwa.

Mataki na 4: Tuna masa kai wane ne

Kai ɗalibai dubbai suka bi ta hannunka, shi ma malamai da yawa suka koyar da shi. Faɗi makarantar, ajin, darasin da shekarar. Sai ka kawo abin nan guda da ka tuna, amma wanda ke yabonsa. "Kai ne kake riƙe mana kuɗin alli na aji, ba a taɓa samun gibin kwabo ba" ya fi shafi guda na addu'a aiki, domin yana nuna masa dalilin da ya sa shi ka zaɓa.

Kada ka tuna masa alherin da ka yi masa. Ko kai ka biya masa kuɗin jarrabawa, bar shi ya tuna da kansa. Da zarar ka rubuta, wasiƙar ta zama takardar bin bashi.

Mataki na 5: Faɗi buƙatarka, ka kashe zaton roƙo

Sakin layi na uku ne wurinta, ba ƙarshen shafi ba. Jimla biyu sun isa, kuma ta biyun a fili za ka faɗe ta: ba kuɗi nake nema ba, ba rance ba, jarina yana hannuna, saninka nake so. Wasu abokaina suna jin nauyin wannan jimla, suna cewa ai kamar an zargi yaron ne. Ni ban ga haka ba. Sauƙi ka yi masa, don ka cire shi daga tunanin nawa zai bayar da ba zai ji kunya ba.

Kuma ka kiyayi kukan zamani. Tsadar shinkafa, jinkirin fansho, rashin godiyar gwamnati, duk gaskiya ne, amma kowane layi na kuka yana rushe jimlar da ka gama rubutawa.

Mataki na 6: Ba shi tambayoyin da za su amsu

"Wace sana'a zan yi?" tambaya ce mai faɗi, amsarta "Allah ya sa albarka, Malam." Kai da ka shekara talatin kana tsara tambayoyin jarrabawa ka san bambancin tambayar da ke da amsa da wadda ba ta da ita. Kawo sana'o'i biyu ko uku da ka riga ka yi tunani a kansu, ka ce ya auna maka su, ka kuma bar masa ƙofar kawo wadda ba ka hango ba.

Domin tambayarka ta yi ma'ana, ka ɗan san halin kowace. Turken raguna na Babbar Sallah yana ɗaukar wata uku zuwa huɗu, kuma abincin dabba, wato dusa da harawa da ƙaiƙayi, shi ke cinye riba in ba a tanade shi da kaka ba. Ajiyar hatsi kuɗinka zai kwanta wata biyar ko shida ba ka ganin ko sisi, ga ƙwari musamman a wake, kuma ba kullum farashi ke hawa da bazara ba, waɗanda suka tara masara suka ga yadda ta faɗo a 2025 za su ba ka labari. Shagon kayan masarufi a ƙofar gida yana kawo ciniki kullum, amma yana ɗaure mutum daga safe zuwa dare, kuma babban ciwonsa bashi: tsohon malami kowa a unguwa ɗansa ne, wa zai hana sukari?

Tambayoyin da na ga suna fitar da amsa ta gaske su ne waɗannan. Da wannan jari, wacce za ka fara in kai ne? Wata nawa kafin kuɗi su fara dawowa? Ta ina masu farawa suka fi yin asara? Wa zan je in zauna wurinsa in ga yadda ake yi? Ta uku ta fi sauran daraja, don ɗan kasuwa yana iya ɓoye ribarsa, amma labarin faɗuwa da daɗin bayarwa yake. Kada su wuce huɗu.

Mataki na 7: Rufewa

Faɗa masa hanyar da ta fi masa sauƙin amsawa, kuma kai ka ɗauki wahalar: "in ka sa min rana ni zan zo shagon." Yaro zai ce a'a shi zai zo gida, sai ya yi wata uku bai samu sukuni ba. Ka sa lokaci mai dalili, kamar kafin kaka ko kafin watan Rajab, ba wa'adi irin na aikin gida ba. Sai addu'a layi ɗaya, wassalam, suna da sa hannu.

Ga wasiƙar abokina yadda muka aika ta, na cire sunaye da adireshi kawai:

Assalamu alaikum. Zuwa ga ɗana Alhaji wane.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Yaya kasuwa? Allah ya ƙara buɗi.

Ni ne malaminka na lissafi a aji shida, a firamaren unguwarku, shekarar 1998. Ban manta ba kai ne mai riƙe kuɗin alli na aji, kuma har ka fita ba a taɓa samun gibi a littafinka ba. Da na ji kana awon hatsi a Dawanau ban yi mamaki ba.

Dalilin wannan takarda shi ne na yi ritaya bara, ina so in kama ƙaramar sana'a, kuma shawararka nake nema. Ba kuɗi nake nema ba, ba rance ba. Alhamdu lillahi jarina yana hannuna, saninka na kasuwa ne ba ni da shi.

Abin da na ware naira dubu 800 ne, bayan na cire na gida. Ina da fili a bayan gida da zai ɗauki dabbobi biyar ko shida, akwai rijiya, akwai ɗaki ɗaya da ba kowa a ciki. Autana yana aji biyar na sakandare, zai taimaka da yamma. Gwiwa tana damuna, ba zan iya yawon kasuwannin ƙauye ko ɗaukar kaya ba.

Abu biyu nake tunani: turken raguna zuwa Babbar Sallah, ko in sayi wake da gero da kaka in ajiye. In kai ne da wannan jari, wanne za ka fara? Wata nawa kafin kuɗi su dawo? Ta ina masu farawa suka fi faɗuwa? In kuma ka ga wata sana'ar da ta fi dacewa da ni, ka faɗa min ba tare da jin nauyi ba. Yau kai ne malamin.

Ba sai ka rubuto ba. Ka kira ni a lambar da ke sama, ko ka sa min rana in zo rumfarka. Zan so mu yi magana kafin sabon hatsi ya shigo.

Allah ya yi maka albarka, ya raya zuri'a. Wassalam.

Ni ne malaminka, wane.

Ka lura duka ba ta wuce shafi ɗaya ba. In taka ta tsallaka shafi na biyu, koma ka nemo inda kuka ya shiga ko inda ka fara koyarwa, don mu malamai ba ma rasa ɗayan biyun.

Mataki na 8: Gwaji da aikawa

Kwafin gwajin ka bar shi ya kwana. Da safe ka ba wani ya karanta maka da ƙarfi, ka tambaye shi abu ɗaya: me mai wasiƙar nan yake so? In ya ce taimako, sake rubutawa. In ya ce shawara, kwafe ta a takarda mai kyau.

Hanyar da ta fi ita ce a kai hannu da hannu, ta wani mai mutunci da ke zuwa kasuwar, ambulan a manne. Kada ka aiki ɗanka, zuwansa kaɗai zai sa a ba shi kuɗin mota da na cefane, ka koma gidan jiya. In garin da nisa, ɗauki hoton wasiƙar da waya a wuri mai haske ka tura ta WhatsApp. Hoton rubutun hannunka ya fi saƙon da aka buga tasiri, domin rubutun da ya shekara yana kwafa daga allo ne, yana gani zai gane. In ido ya raunana ko hannu yana rawa, yi saƙon murya, amma ka rubuta abin da za ka faɗa tukuna ka bi shi daki-daki, kada ya wuce minti biyu.

Ta waya akwai ƙarin hattara. Ka fara kira ka ji muryarsa ka tabbatar lambar tasa ce kafin ka tura takardar da ke ɗauke da adadin kuɗinka. Kada ka saka ta a zauren tsofaffin ɗalibai inda mutum ɗari za su gani. Kuma lambar asusun banki ba ta da wuri a wannan wasiƙa ko kaɗan.

Mataki na 9: Abin da za ka yi da amsar

In mako biyu suka wuce shiru, kira sau ɗaya ka tambaya ko takarda ta iso. In aka sake yin shiru, rubuta wa wani. Dama ina ba da shawarar a rubuta wa mutum biyu masu sana'a daban, don kowane ɗan kasuwa hanyar da ya sani yake nunawa.

In ya turo kuɗi duk da abin da ka faɗa, kada ka mayar, zai ji ciwo. Yi godiya, ka ce kyauta ta iso, saura amsar tambayoyi.

Amsar da ke buƙatar natsuwa ita ce "Malam, kawo kuɗin in juya maka." Sau da yawa da zuciya ɗaya ake faɗa, amma wannan ba shawarar sana'a ba ce, haɗin jari ne, kuma hukuncinsa daban. In za ka shiga, a rubuta nawa ka bayar, me za a saya, yadda za a raba riba, wa ke ɗaukar asara in ta zo, da ranar da za a yi lissafi, shaidu biyu su sa hannu. Duk wanda ya yi maka alkawarin riba tsayayya kowane wata, ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba, ka riƙe kuɗinka, ko da ɗalibinka ne na ƙwarai, domin shi ma wataƙila wani ne ya ruɗe shi.

Abokina kwana biyar da aika tasa aka kira shi. Ya je rumfar, suka zauna kan buhuna daga hantsi har azahar. Yaron ya hana shi ajiyar hatsi da hujjar da ba mu hango ba: ɗakin da ya ambata ƙasa ce a daɓe ba siminti, kuma mai dubu 800 ba ya iya jiran farashi in buƙata ta taso masa a tsakiya. Ya ce ya yi turke, amma da raguna uku ba shida ba, ya fara sayen harawa da dusa tun da kaka kafin ya sayi dabba ko ɗaya, ya kuma bar kashi ɗaya cikin huɗu na jarin a gefe saboda magani da abin da ba a zata ba. Sannan ya haɗa shi da wani dattijo mai turke a unguwarsu, ya ce ya riƙa zuwa yana kallo har wata guda. Abokina ya dawo da littafinsa cike da rubutu, ya ce min tun da yake bai taɓa kwafar darasi da sauri haka ba.